Shinkafa a zakkar fidda kai

"A nan Jidda kowa shinkafa yake bayarwa, alhali hadisi dabino da sha'ir ya ambata. Ina malamai suka samo ta?"

Ta halatta, ɗan'uwa, kuma ta hanyar ƙiyasi ne. Hadisin Ibn Umar ya ce sa'i ɗaya na dabino ko na sha'ir, wannan shi ne asali. Malamai suka duba me ya sa aka zaɓe su, sai suka ga su ne cimar mutanen Madina a lokacin. Wannan illar, wato dalilin hukuncin, tana cikin shinkafar Hijaz ta yau, kamar yadda take cikin geronmu na gida, shi ya sa ta ɗauki hukuncinsu: sa'i guda, kimanin kilo 3. Wasu ma cewa suke ba sai an kai ga ƙiyasi ba, tunda ruwayar Abu Sa'id ta ce "abinci".

Sharaɗin dai ya zama abin da mutanen garin suke ci. Bara na ga wani ya auno sukari a leda, ai illar ba ta kai can ba. Kuma kada ka kira halaccin shinkafa ijma'i, wato abin da duk malamai suka haɗu a kai. Wajabcin zakkar ne aka ruwaito ijma'i a kansa, amma abin da za a bayar akwai saɓani, har Abu Hanifa ya yarda da kuɗi.