Ɗana ya ƙi magana da 'yar tsanar safa

"Ɗana mai shekara 4 yana fushi ya yi ta jifa da kaya. Na yi masa 'yar tsana da safa, amma in na tambaye shi abin da ke damunsa sai ya yi shiru."

'Yar'uwa, tambayar ce ta yi masa nauyi. Yaro mai shekara 4 sau da yawa bai iya faɗin abin da ke damunsa ba tukuna. Ki bar 'yar tsanar ta ɗauki damuwar. Sa safar a hannu, ki sunkuyar da kanta, ki ce da ƙaramar murya: "An ƙwace min ƙwallona, cikina yana zafi." Sai ki juya gare shi: "Me za mu yi mata?" Abin da ya faɗa, galibi nasa ne. In ya yi shiru, ki jira. Ko shafa kanta ya yi, ya amsa.

Fuskar safa ba ta sauyawa, don haka ki samo jakar takarda uku, ki zana murna, fushi da tsoro a naɗin gindinsu, inda yatsu ke motsa bakin. Shi zai zaɓi wadda za ta yi magana yau. Ki ɗinke idon safar da zare, domin maɓalli yana ɓallewa, ƙaninsa na iya haɗiye shi.

Minti biyar ya isa, kuma ki bari sai ya huce tukuna, kamar bayan wanka. Kada ki sa 'yar tsanar ta yi masa faɗa. Da zarar ya ji muryar tsawarki a bakinta, zai daina yarda da ita.

In wasansa kullum duka ne ko taɓa al'aura, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kada ki matsa masa da tambayoyi. Ki rubuta kalamansa yadda ya faɗe su, ki kai shi wurin likitan yara.