Bashi mai ruwa tsayayye da mai ruwa a kan ragowa: lissafinsu da hukuncinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina neman bashin 120,000 don in sayi kayan aiki, zan biya cikin wata 12. Wuri biyu sun amince su ba ni, kuma duka biyun sun ce ruwan kashi 2 cikin ɗari ne a wata. Amma na farko ya ce zan riƙa biyan 12,400 kowane wata, na biyu kuma ya ce 11,347. Ta yaya kashi ɗaya ya haifar da biya biyu? Kuma idan na ɗauki mai sauƙin, ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Ɗan'uwa, ka kyauta da ka tambaya kafin ka sa hannu. Zan fara da lissafin, domin malamai suna cewa hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar surarsa.

Wuri na farko suna lissafa ruwa ne a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, daga watan farko har na ƙarshe, kamar ba ka mayar da ko kaɗan ba. Kashi 2 cikin ɗari na 120,000 shi ne 2,400. A ninka sau 12, ruwan ya zama 28,800. A haɗa da uwar kuɗi, 148,800 ke nan, a raba gida 12, sai a sami 12,400 ɗin da aka faɗa maka. Wannan shi ne ruwa tsayayye.

Wuri na biyu kuwa suna duba abin da ya rage a kanka ne kowane wata. A watan farko ana binka 120,000, ruwansa 2,400. Idan ka biya 11,347, sai a cire ruwan, sauran 8,947 ya tafi rage bashi, ya koma 111,053. A wata na biyu a kan wannan ragowar za a ɗora kashi 2 ɗin, ruwan ya sauko zuwa 2,221, abin da ke rage bashi ya hau zuwa 9,126. Haka za a ci gaba, biyan wata bai canza ba amma rabonsa yana juyawa, har a watan ƙarshe ruwan bai wuce 222 ba. Ga ƙa'idar da ake fitar da biyan wata da ita, inda P ke nufin uwar kuɗi, r kason ruwa na wata, n adadin watanni:

```
P × r ÷ (1 − (1 + r)^−n)
120000 × 0.02 ÷ (1 − 1.02^−12) = 11347
```

Jimlar abin da za ka biya a nan kimanin 136,166 ne, ruwan ke nan 16,166. Tsakanin wuraren biyu akwai tazarar fiye da 12,600, alhali dukkansu "kashi 2" suka ce maka.

Dalilin tazarar shi ne kuɗin ba sa zama a hannunka cikakku tsawon shekara. A tsarin farko kana mayar da 10,000 na uwar kuɗi duk wata, don haka a watan ƙarshe 10,000 kawai ake binka, amma har yanzu 2,400 ake karɓa a kanta, wato kashi 24 cikin ɗari a wata guda. Idan aka auna biyan 12,400 da ma'aunin ragowa, kason gaskiya ya kusa kashi 3.5 a wata, wajen kashi 42 a shekara, ba 24 ba. Ina ganin faɗin kaso ba tare da bayyana a kan me ake ɗora shi ba rufa ido ne ga mabuƙaci. Hanyar ganewa tana da sauƙi: ka ninka biyan wata da adadin watanni, ka cire uwar kuɗi. Idan abin da ya rage ya yi daidai da kason a kan cikakken bashi sau watannin, to tsayayye ne, ko da wane suna aka sa masa. Kuɗin fom ko na hidima da ake zaftarewa kafin a miƙa maka bashin su ma suna ɗaga kason gaskiya, tunda abin da ya shigo hannunka bai kai 120,000 ba.

Yanzu ga hukunci. Duka biyun riba ce, kuma haramun ne ka shiga ɗayansu da zaɓinka. Abin da ya sa ƙari ya zama riba shi ne an shardanta shi a kan rance saboda jinkiri, kuma wannan sharaɗi yana nan a 28,800 kamar yadda yake a 16,166. Allah Maɗaukaki ya ce a suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki kuma ya haramta riba. A aya ta 279 ya ce idan kun tuba to kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Ayar ba ta bar wa mai ba da bashi komai ba bayan uwar kuɗinsa, babba ne ƙarin ko ƙarami. Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ciyar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce daidai suke. Mai karɓar bashin shi ne mai ciyarwar. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa rancen da aka shardanta masa amfani ga mai bayarwa haramun ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta tabbatar a 1985 cewa ruwan bankuna yana cikin wannan.

Koyon lissafin kansa ba laifi ba ne, kuma ga wanda ya riga ya faɗa ciki yana da amfani sosai. Wajibinsa ya tuba, ya fita da wuri gwargwadon iko, kuma a nan bambancin tsarin biyu yake bayyana. Bayan wata 6, mai bashin ragowa ana binsa kimanin 63,560, idan ya biya su gaba ɗaya, ruwan ya tsaya, sai dai in yarjejeniyar ta sa tara. Mai ruwa tsayayye uwar kuɗin da ta rage masa 60,000 ce, amma ana iya cewa sai ya cika 74,400, domin an ƙulla ruwan shekara tun ranar farko. Ya nemi a rubuta masa adadin rufe bashin, ya roƙi a yafe ruwan watannin da suka rage. In an tilasta shi ya biya don kare kansa daga cuta, tare da nadama.

Wanda lalura ta gaske ta kama, irin ciwon da ake tsoron halaka ko yunwa, kuma ya rasa kowace hanyar halal, ya ɗauki gwargwadon lalurar kawai, ya zaɓi mafi ƙarancin ruwa. Sayen kayan aiki don faɗaɗa sana'a bai kai wannan matsayi ba.

Tunda kaya kake so, mafitarka ciniki ne na biya kaɗan-kaɗan. Mai kuɗi ya sayi kayan a 120,000, su shiga mallakarsa da lamuninsa, sannan ya sayar maka, misali a 136,000, a wata 12. Jumhurun malamai sun halatta farashin jinkiri ya fi na hannu, kuma majalisar da na ambata ta tabbatar da haka a 1990. Ko da mai kuɗin ya yi amfani da irin lissafin nan wajen tsayar da farashinsa, cinikin bai ɓaci ba, matuƙar an yanke farashi guda a lokacin ƙullawa kuma ba zai ƙaru ba idan ka makara. Idan kuɗi aka zuba maka a asusu aka kira shi ciniki, babu kayan da mai bayarwa ya mallaka, to rance ne mai ruwa, ka guje shi. Kafin duk wannan, ka nemi rance marar ƙari a wurin ɗan'uwa ko aboki, a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni.

Wallahu a'alam.