Hoto ɗaya, wuri uku: me ya sa kwalbata ke rasa kai?

"'Yan uwa ku taimaka. Hoton da na haɗa da AI yana kyau a Jiji, amma da na sa a sitori sai gefe ya yanke, a banar Facebook kuma murfin kwalbar ya tafi. Sai na rubuta umarni daban ga kowanne ne?"

Wayyo 'yar uwa, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni ma humra da turaren wuta nake sayarwa a nan Kaduna, kuma wannan abu ya sa ni kuka ana gab da ƙaramar Sallah. Wani yaro na ba aikin, wai shi gwani, ya karɓi kuɗinsa cas tun kafin ya fara. Hoto ɗaya tak ya kawo min, kwalba ta cika shi dam daga sama har ƙasa. Da na ce ina na sitori, sai ya ja hoton ya miƙe, kwalbata ta koma siririya kamar ta yi jinya. Lambar wayata kuwa can ƙasa ya manna ta, daidai inda wurin tura saƙo yake rufewa. Talla na tafiya, kuɗi na fita, waya shiru. Sai wata kwastoma daga Barnawa ce ta turo min hoton allonta tana tambaya ina lambar. Na kira shi, wai wayata ce ƙarama. Wayata! Daga baya ma ya daina ɗauka. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To, ba sai kin rubuta umarni uku ba. Guda ɗaya ya isa, in dai kin bar wa kayan fili. Ki fitar da hoton a 1:1, ki ɗaga girmansa zuwa 2048 da 2048, ki riƙe shi a matsayin uwa, sauran duk daga jikinsa za ki yanko. In kin yanko 9:16 na sitori, faɗin da zai rage miki 1152 ne. In kin yanko 1.91:1 na banar Facebook, tsayin da zai rage wajen 1072 ne. Kin ga duk abin da ya fita daga wannan ɗan akwati na tsakiya, wuƙa za ta ci shi. Shi ya sa nake tsayar da kwalba a kan kamar fiksal 1000, wato ƙasa kaɗan da rabin hoton. Ga abin da nake liƙawa a ƙarshen kowane umarni, a Midjourney:

```
centered, product fills less than half of the frame,
plain empty background on all sides --no text --ar 1:1
```

Ba kullum yake jin magana ba fa. Wani lokaci sai ya cika hoton duk da haka, sai ki sake. Ni yadda nake dubawa, a Canva na ajiye wani murabba'i a tsakiya, ina ɗora shi a kan hoton, in murfi ko inuwar kwalba ta leƙo waje ba na ɓata lokaci, sabo nake fitarwa.

Za ki ce ai a Jiji kayan zai yi ƙanƙanta. Gaskiya ne, in kin sa uwar yadda take. Ki yanko tsakiyar, 1200 da 1200, kwalba za ta cika ido, ga ɗan fili ta kowane gefe.

Rubutu kuma, don Allah kada ki bar wa AI, ɓata haruffa yake yi, balle Hausa mai ƙ da ɗ. Ki sa da hannunki bayan kin yanka. A sitori na 1080 da 1920, ki bar kamar 250 a sama saboda sunanki da hotonki suna nan, ki bar kamar 340 a ƙasa. Ni farashi da lamba a saman kwalba nake sa su, ƙasan wannan 250 ɗin, don filin ya fi yawa a can. A banar kuwa kwalba tana tsakiya, sai ki sa rubutu a filin da ke gefenta. Wannan ne ya sa bango ya zama fili fayau, in akwai labule da fulawa rubutu ba ya fitowa.

Af, ki riƙa ɗaukar ainihin kwalbarki da waya, AI ya yi miki bango kawai. In kin bar shi ya ƙirƙiro, zai canza miki tambari da launin humra, kwastoma ta karɓi kaya ta ce ba shi ta gani ba. Masu atamfa ma sun fi mu shan wannan wahalar, zanen yake sauya musu gaba ɗaya.

Waɗancan siraran banoni na shafukan intanet irin 728 da 90 kuwa, kada ki wahalar da kanki, ba sa yankuwa daga uwar. Ki cire wa kwalbar bango ki jera ta da rubutu daban. Kafin ki biya kuɗin talla ki ɗora a sitori ki duba da wayar wani, in kin samu ƙarama ma ya fi. In ya ƙi, turo min hoton ta akwatin saƙo da daddare in yara sun kwanta, in duba miki.