Albashin Abuja ko zaman Sakkwato: abin da zai rage a hannunka shi ne abin dubawa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni akanta ne, ina zaune a gidanmu da ke Mabera tare da matata da ɗanmu guda. Wani kamfani a Abuja ya ba ni aiki a kan naira 350,000 a wata, wani kuma a nan Sakkwato ya ce zai biya ni naira 170,000. Ni ne babba a ɗakinmu, kuma mahaifinmu yana fama da hawan jini. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara, in tafi ko in zauna?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya kuma zaɓa maka abin da ya fi alheri. Na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗi a Abuja kafin in dawo gida, saboda haka zan yi maka magana a kan abin da na gani da idona, kuma tun da kai akanta ne ba zan ji nauyin ja maka lissafi ba.

Kafin komai, ka koma wurin kamfanonin biyu ka tambaye su ko kuɗin da suka faɗa maka shi ne wanda zai shiga asusunka, ko kuwa jimilla ce da ba a cire komai daga cikinta ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ɓangaren ma'aikaci, shi kuma mai kamfani ya ƙara kashi 10, sannan ga harajin albashi wanda yake ƙaruwa gwargwadon girman abin da mutum yake samu. Mu ƙaddara cewa bayan an yi waɗannan cire-ciren na Abuja ya koma naira 305,000, na gida kuma ya koma naira 155,000. Ratar da ke tsakaninsu ke nan naira 150,000, kuma wannan ratar ce kaɗai ladan barin gida, ita ce za mu bi mu ga inda take shiga. Alƙaluman da zan kawo misali ne, sai ka buga wa wanda yake zaune a can waya ka sa farashin yau a madadinsu.

Babbar ƙofar da kuɗin yake fita ita ce haya. A yanzu kana kwana a gidan mahaifinka ba ka biyan ko sisi, kuma mutum ba ya sanin darajar wannan sai ranar da dillali ya tsaya a gabansa. Da irin wannan albashi ba za ka zauna a Wuse ko Garki ba, sai dai ka nemi ɗaki a Kubwa ko Lugbe, ko ka tsallaka Nyanya zuwa Mararraba da Masaka, waɗanda suke cikin jihar Nasarawa. A ce ka sami ɗaki guda mai banɗaki a ciki a kan naira 600,000 a shekara, wato naira 50,000 ke nan a wata. Sai dai masu gida a can kuɗin shekara suke karɓa gaba ɗaya, kuma al'ada ce dillali ya ɗauki kashi 10 cikin ɗari, a sake karɓar wani kashi 10 da sunan takardar yarjejeniya, wani lokaci har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ka ga tun ba ka karɓi albashin farko ba ana neman naira 720,000 daga gare ka, ban da katifa da tukunyar gas da bokiti. Idan rance za ka ci don ka biya wannan, to watanninka na farko duk na mai bashi ne.

Sai kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya zama abin da yake karya ma'aikacin da ke kwana a wajen gari. Wanda ke zaune a Mararraba yakan hau abin hawa biyu ko uku kafin ya isa ofis, kuma dole ya fito da sallar asuba idan ba ya so cunkoson hanyar Nyanya ya riƙe shi. Idan zuwa da dawowa ya ci naira 2,500 a yini, kwana 22 na aiki sun kama naira 55,000. A nan kuwa, daga Mabera zuwa kusan ko'ina cikin gari tafiyar 'yan mintoci ce a kan kabu-kabu, idan ma kana da babur naka man naira 15,000 zai iya kai ka wata. Ƙarin naira 40,000 ke nan. Abinci ma haka ne, domin tukunyar gida ba za ta ragu ba don ka tafi, sai dai ka buɗe ta biyu a can, kuma namiji shi kaɗai da yake dawowa bayan isha'i yawanci saye yake yi. Mu sa masa naira 40,000, kuma na tausaya ne. Zuwa gida shi ne na ƙarshe. Ko ta Gusau da Funtuwa da Zariya ka bi, ko ta Yawuri da Kwantagora, tafiya ce ta yini guda cur, kuma babu mai hankalin da zai so dare ya same shi a hanya a halin tsaron da ake ciki. Idan duk wata biyu za ka zo sau ɗaya a kan naira 50,000 zuwa da komawa, naira 25,000 ke nan a wata, ba a sa tsaraba ba.

Idan ka tara waɗannan huɗun za ka sami naira 155,000, alhali ratar naira 150,000 ce. Albashin da ya ninka na gida ya tashi daidai wa daida da shi, kuma wannan idan ka bar iyali a Sakkwato ne. Idan ka ce za ka tafi da su, ɗaki guda ba zai yi ba, ga kuɗin makarantar yaro nan gaba, lissafin sai ya ƙara lalacewa. Mutanenmu da suke tafiya cin rani bayan an kawar da amfanin gona suna dawowa da kuɗi ne saboda sukan haɗu da yawa a ɗaki ɗaya, ba su da guga ba su da takalmin ofis, kuma sun san ranar komawarsu. Ma'aikacin kamfani ba ya iya wannan rayuwar, don haka kada ka auna kanka da su.

Akwai kuma wani kashe kuɗi da ba ya shiga takarda. Ranar da aka ji kana aiki a Abuja, a idon dangi ka zama mai kuɗi, kuma buƙatun da za su riƙa zuwa ta waya sun fi waɗanda ake kawo wa wanda ake gani kullum a kan babur. Wanda yake gida yana iya biyan zumunci da ƙafarsa, ya je suna, ya tsaya a jana'iza, ya kai mara lafiya asibiti. Na nesa da kuɗi kawai yake biya, kuma sau da yawa ba a ganin ya yi.

Duk da haka ba zan ce maka kuɗin wata shi ne ƙarshen magana ba, domin akwai abin da Abuja take bayarwa wanda wannan lissafin bai nuna ba. Fanshonka ana tara shi ne a kan babban albashi, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Ƙananan kamfanoni da yawa ba sa biyan fansho ko kaɗan, saboda haka ka tambayi na nan gida ƙarara, idan ba sa biya ka san ratar ta fi yadda muka lissafa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne irin aikin da za a sa ka. Idan kamfanin Abuja yana da sashen kuɗi na gaske, inda za ka zauna a ƙarƙashin wanda ya fi ka sani, ka shiga haɗa rahoton ƙarshen shekara, ka yi hulɗa da masu binciken kuɗi na waje da jami'an haraji, kuma za su ba ka dama ka kammala jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, to shekara biyu ko uku a wurin suna iya kai ka matsayin da zaman gida ba zai kai ka ba cikin sauri. Irin wannan tafiya tana da riba ko da ba ka tara komai ba a shekarar farko. Idan kuwa rubuta rasit da kai kuɗi banki za ka je yi, aikin da za ka yi a nan ma shi ne, to babu dalilin da zai sa ka kwana a Masaka a kansa. Hanyar ganewa tana da sauƙi: ka tambayi wanda ya yi maka intabiyu mutum nawa ne a sashen, wa za ka riƙa kai wa rahoto, kuma wanda ya bar kujerar ina ya koma. Idan suka yi ta kewaye-kewaye a kan tambaya ta ƙarshe, ka yi hattara.

Game da Baba, hawan jini ciwo ne da yake son a riƙa lura da shi kullum, a tabbatar ana shan magani a kan lokaci, ana awo, ana zuwa ganin likita ranar da aka sa. Matsalar tana zuwa ne ranar da abu ya taso cikin dare, lokacin da ake bukatar wanda zai nemo mota ya kai shi asibitin koyarwa, ya sa hannu, ya yanke shawara. Ka zauna da Baba da Inna da ƙannenka, ku fito da sunan mutum ɗaya da zai ɗauki wannan nauyin idan ba ka nan. "Ai muna nan" ba amsa ba ce, domin a irin wannan rana kowa yakan zaci ɗan'uwansa ya tafi. Ka kuma ji ta bakin matarka ita kaɗai, domin idan ka tafi ita za a bari da yaro da hidimar surukai, kuma kunya tana iya hana ta faɗin gaskiya a gaban mutane.

A nawa ganin, a yadda ka kwatanta halinka, zama ya fi, sai fa idan abubuwa uku sun haɗu: aikin na koyo ne kamar yadda na bayyana, akwai ƙane tsayayye da ya karɓi amanar Baba da bakinsa, kuma kana da kuɗin kama ɗaki ba tare da bashi ba. Idan sun haɗu ka tafi kai kaɗai tukuna, ka nemi ɗan'uwa ko aboki ka raɓa da shi har lokacin gwaji ya wuce, wanda yawanci wata uku ne zuwa shida, domin na ga wanda ya biya hayar shekara aka sallame shi a wata na huɗu, mai gida kuma bai mayar masa da ko kwabo ba. Kada ka hau mota sai takardar ɗaukar aiki tana hannunka, an rubuta albashi da tsawon gwaji da wa'adin sallama a ciki. Idan kuma zama ka zaɓa, ka ɗauki takardar Abuja ka nuna wa kamfanin nan cikin ladabi, ka nemi su ƙara wani abu ko su rubuta maka cewa za a duba albashinka bayan wata shida, domin akantan da wani wuri yake nema yana da bakin magana kafin ya sa hannu, ba bayan ya fara aiki ba.