Jawabin Ƙarshe a Rubuce: Abin da Zai Shiga da Abin da Ba Zai Shiga Ba

Wani ɗan kasuwa daga Daura ya rubuto mini cewa ya sayi fili a cikin gari a 2012 kan naira 800,000, aka rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa, ya kewaye shi da katanga a 2013. Bayan rasuwar wanda ya sayar masa, sai ɗan marigayin ya sake sayar wa wani a 2019. Magana ta kai Babbar Kotun Jiha, kowane ɓangare ya gama gabatar da shaidu, alƙali ya ce lauyoyi su shigar da jawabin ƙarshe a rubuce. Yanzu ɗan kasuwar ya tsinci rasitan bulo da siminti a cikin tsohuwar akwati, yana so lauyansa ya sa su a jawabin, ya kuma rubuta cewa takardar abokin shari'arsa ta jabu ce, amma lauyan ya ƙi.

Alhaji, lauyanka ya yi daidai. Ina zaton abin da ka saba gani a kotun shari'ar Musulunci ne ya sa ka yi wannan tsammani, inda alƙali kan yi i'izari, ya tambayi mutum ko yana da sauran magana ko hujja kafin a yanke hukunci. Jawabin ƙarshe a Babbar Kotu ba haka yake ba, domin an riga an rufe ƙofar shaida, kuma kotuna sun daɗe da tsayawa a kan cewa maganar lauya, komai daɗinta, ba ta zama shaida. Aikin jawabin shi ne ya ɗauki abin da ya riga ya shiga kundin kotu, ya jera shi yadda alƙali zai ga inda doka ta faɗa a kansa.

Tunda wanda kake ƙara ya kira shaidu, lauyansa ne zai fara shigar da nasa, naka ya biyo baya, sannan shi ya sami damar mayar da martani a kan batutuwan doka kaɗai. Wannan ya ba ɓangarenka damar ganin hujjojinsu kafin ku rubuta naku.

Bayan taƙaitaccen tarihin ƙarar da jerin shaidu da takardun da kotu ta karɓa, abu na farko mai nauyi shi ne fitar da batutuwan da ake so alƙali ya warware. Ana tsamo su ne daga wuraren da takardar da'awarka da takardar kariyarsa suka saɓa, ba daga abin da ya fi ƙona wa mutum rai ba. A shari'arka ban ga abin da ya wuce biyu ba: ko ka tabbatar da cewa haƙƙinka a kan filin ya fi nasa, da kuma ko ka cancanci diyyar shigar da ya yi filin. Na sha ganin jawabi mai batutuwa bakwai ko takwas waɗanda in an duba tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga, alƙali kuma yakan ture su gefe ya tsara nasa.

A ƙarƙashin kowane batu ana fara kawo doka, a bi ta da shaida, sannan a ɗaure su. A batu na farko, sashe na 131 zuwa 134 na Dokar Shaida ta 2011 sun ɗora nauyin tabbatarwa a kan mai da'awa, kuma ma'aunin shi ne rinjayen hujja, wanda Kotun Ƙoli ta kwatanta da sikeli a shari'ar Mogaji da Odofin a 1978. Shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, ɗaya kuma ta isa in ta tabbata. Naka lauyan zai tsaya a kan takardar ciniki, ya ƙarfafa ta da ayyukan mallaka. Hukunci ɗaya ko biyu na Kotun Ƙoli da suka yi kama da shari'arka sun fi ashirin da aka kwafo daga tsohon jawabi ba a karanta ba, domin wani lokaci in aka buɗe hukuncin sai a tarar ya fi taimakon abokin hamayya.

Wurin ɗaurewar ne ake gane gwani. Rubutu mai rauni zai ce mai ƙara ya tabbatar da da'awarsa da ƙwararan shaidu, ya yi shiru. Mai ƙarfi zai ce: ɓangarorin biyu sun yarda filin na marigayin ne tun asali, don haka babu jayayya a kan tushe, takardar ciniki ta 2012 ta nuna an biya naira 800,000, shaida na biyu, mai unguwa, ya ce a gabansa aka ƙirga kuɗin aka nuna iyakoki, kuma tambayoyin lauyan ɗaya ɓangaren ba su girgiza shi ba, wanda ake ƙara da bakinsa ya amsa cewa ya tarar da katanga ranar da ya je duba filin. Daga nan sai a kammala cewa marigayin ya riga ya rabu da filin shekara bakwai kafin ciniki na biyu, ɗansa bai gaji abin da zai sayar ba, mai saye na biyu kuma ba zai ce bai san da wani a wurin ba. Kowace jimla a nan tana nuna shaidan da ya faɗe ta da ranar zaman, yadda alƙali zai buɗe kundinsa ya gani.

Akwai rauni a ɓangarenka, kuma kada ka ji haushi in lauyanka ya ambace shi da kansa: takardarka ba a yi mata rajista ba. Ɗaya ɓangaren zai kafe a nan. Amsar ita ce matsayin da Kotun Ƙoli ta ɗauka a shari'ar Okoye da Dumez a 1985, cewa irin wannan takarda tana tabbatar da biyan kuɗi, kuma in ta haɗu da riƙe filin tana ba mai saye haƙƙin da kotu ke karewa daga duk wanda ya sayi filin daga baya yana sane da shi. Shi ya sa amsar da wanda kake ƙara ya bayar a kan katanga ta fi rasitanka amfani.

Maganar jabu kuwa zargin aikata laifi ce, kuma sashe na 135 ya ce ko a shari'ar da ba ta laifi ba sai an tabbatar da irin wannan zargi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Ba ka rubuta shi a da'awarka ba, ba ka kira shaida a kansa ba, saboda haka sa shi yanzu zai rage wa jawabin kwarjini ne kawai.

Game da rasitan, hanya biyu ce. Lauyanka zai iya neman izinin kotu a sake buɗe ɓangarenka kafin hukunci, amma wannan yana hannun alƙali, zai tambayi dalilin da ya hana kawo su tun farko, ɗaya ɓangaren zai yi suka, kuma ƙila a ɗora maka kuɗin ɓata lokaci. Ko kuma ku bar su, ku nemi diyyar shiga fili ta gaba ɗaya wadda alƙali ke ƙiyastawa, tunda kuɗin kayan gini da aka lalata sai an fayyace su dalla-dalla a da'awa an kuma tabbatar da su. In katangar ce kawai kake son nunawa, an riga an amsa ta, ni da zan bar su a akwati.

Ranar da aka sa, lauyoyi za su tashi su shaida wa kotu cewa sun dogara da abin da suka rubuta, ƙila da ɗan ƙarin bayani na mintoci. Daga wannan rana sashe na 294(1) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci. Kafin nan, ka nemi lauyanka ya karanta maka sakin layi na ƙarshe, ka tabbatar abubuwan da ya roƙa su ne dai waɗanda ke cikin takardar da'awarka, domin kotu ba ta ba mutum abin da bai nema ba.