Wasiƙar neman kuɗin inshorar rai bayan rasuwar maigida

"Maigidana ya rasu wata biyu ke nan, yana da inshorar rai da sunana a kai. Kamfanin sun ce in rubuto wasiƙa in haɗo takardu. Me zan rubuta, me zan haɗa?"

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri 'yar uwa. Ina karanta tambayarki hawaye suka zo min, don ni wata bakwai na yi ina sintiri kan wannan magana.

Wasiƙar kar ta wuce shafi ɗaya. Ki sa cikakken sunansa yadda yake a takardar inshorar, da lambar inshorar, da ranar rasuwa, ki ce ke matarsa ce wadda ya rubuta a matsayin mai karɓa. A ƙasa ki jera duk takardar da kika haɗa, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan jerin shi ne abin da ban yi ba, na kuwa sha wuya. Na miƙa komai cikin ambulan, har da asalin takardar inshorar, na taho. Bayan mako shida ma'aikacin ya dube ni ido cikin ido ya ce ba ta ciki. Ko ɗago kai bai sake yi ba, yana ta danna wayarsa, ni kuma ina tsaye da goyo, ƙafafuna na rawa. Na ce masa a hannunka na sa ta, ya ce ina shaida? Har yau in na tuna muryarsa zuciyata sai ta yi zafi. Sai da na yi rantsuwa a rubuce cewa ta ɓata. Don Allah ki yi kwafin komai, a buga miki hatimi da kwanan wata a kwafin wasiƙar kafin ki bar wurin.

Takardar mutuwa kuma biyu ce, ban sani ba sai da aka mayar da ni. Akwai ta likita mai faɗin sanadin rasuwa, akwai ta hukumar rajista. Ni duka suka nema. In hatsari ne, za su ƙara da rahoton 'yan sanda. Sai fom ɗinsu da za ki cike, katin shaidarki, shaidar aure, da asusun banki mai sunanki, ba na wani ɗan uwa ba, komai kusanci.

Ki zauna ki duba rubutun sunan harafi-harafi. Na maigidana a inshora Muhammad ne, a takardar asibiti Mohammed, wannan kaɗai ya ci min wata guda. Ki nemi rasitin biyansa na ƙarshe ma, don abin da suke fara dubawa ke nan, ko inshorar na aiki ranar da ya rasu.

Tunda sunanki na kai, in wani ya ce ki kawo takardar kula da gado daga kotu, ki ce ya rubuta miki dalili. Galibi sai in mamaci bai ambaci kowa ba ake neman ta. Kuma ki je da wani, kar ki je ke kaɗai. Ni ranar ko hanyar fita kasa ganewa na yi.