Jera haruffan STATISTICS: daga ina 50,400 ta fito?

"Salam 'yan'uwa, don Allah ku duba hoton nan. An rubuta STATISTICS, an ce ta hanya nawa za a iya jera haruffan. Na yi 10! na samu 3,628,800, amma a bayan littafi 50,400 aka sa. Abokina ya ce ai kombineshan ne. Wallahi kaina ya ɗaure, ga jarrabawa ta matso."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ɗaurewar kan na san ta sarai, kuma ba laifinka ba ne. Laifin irin koyarwar nan ce da ake cewa ɗalibi ya haddace: in an ce jera, danna nPr, in an ce zaɓa, danna nCr, shi ke nan. Ba a taɓa sa shi ya rubuta jerin da hannunsa ya gani ba. Abin yana min ciwo ƙwarai, domin yara masu ƙoƙari suna asarar maki a kan tambayar da ba ta wuce minti biyu ba, su koma suna ganin kansu ne ba ya ja.

Fara kwafe kalmar daga hoton, kana soke kowane harafi da ka ƙirga: S uku, T uku, I biyu, A ɗaya, C ɗaya. Dole jimilla ta ba ka 10. In 9 ka samu to akwai wanda ya ɓace maka, galibi S ta tsakiya.

Tambayarka famuteshan ce, wato lissafin jeri, ba kombineshan ba, wanda shi lissafin zaɓi ne, tunda matsayin kowane harafi yana canza sakamako. Amma 10!, wato 10 × 9 × 8 har zuwa 1, tana aiki ne idan haruffan goma duk sun bambanta. Gwada da BABA. In ka bi 4! za ka ce 24, alhali shida kawai za ka iya rubutawa: BABA, ABBA, ABAB, BAAB, AABB, BBAA. Ka musanya B ta farko da ta biyu, ido bai ga wani sauyi ba. Haka A. Ke nan kowane jeri an ƙirga shi sau 2 × 2, wato sau huɗu, kuma 24 ÷ 4 = 6.

Haka abin yake a kalmarka. S uku suna musanya wuri a tsakaninsu ta hanya 3! = 6, T ma 6, I kuma 2! = 2. Kowane jeri ya maimaitu sau 6 × 6 × 2 = 72, sai 3,628,800 ÷ 72 = 50,400.

Don Allah ka kula da ƙasan lissafin, nan ake zubewa. Ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Wanda ya yi 6 + 6 + 2 zai raba da 14 ya samu 259,200, lamba cif ba ragowa, ya miƙe yana murna alhali ya faɗi. A kalkuleta kuma sai ka sa baka:

```
10! ÷ (3! × 3! × 2!)
```

In ba baka, na'urar za ta raba da 6 sannan ta ninka, ta ba ka 7,257,600. Amsar da ta fi 10! girma ba ta yiwuwa, tunda maimaici rage yawan jeri yake yi.

Abokinka bai yi daidai ba idan 10C10 yake nufi, wato zaɓar goma daga cikin goma, wannan 1 ce kawai. Sai dai akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Zana gurabe goma. Zaɓar wa S gurabe uku: 10C3 = 120. Cikin bakwai da suka rage T ta ɗauki uku: 7C3 = 35. Cikin huɗu I ta ɗauki biyu: 4C2 = 6. Saura biyu na A da C, hanya 2. Ninka 120 × 35 × 6 × 2, 50,400 ce ta sake fitowa. Da wannan hanyar za ka riƙa tabbatar da amsarka.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin nan ma ana faɗawa rami. In aka ce zaɓi haruffa uku daga kalmar, kada ka rubuta 120. Irin haruffan biyar ne kacal, sai ka raba gida uku. Duk sun bambanta: 5C3 = 10. Biyu iri ɗaya da wani daban: S, T ko I ne ke iya zuwa biyu, ga abokin tafiya huɗu, 3 × 4 = 12. Uku iri ɗaya: SSS da TTT, 2. Jimilla 24. In kuma aka ce a jera ukun, gidan farko a ninka da 6, na biyu da 3, na uku da 1, ka samu 60 + 36 + 2 = 98.

Gwada TATTASAI yau da dare ka turo mana aikinka, ya kamata ka samu 1,120. Allah ya ba da sa'a.